Gada ce, batsiya ce, ko makwarna? Hoton da aka ɗauko a hanyar Wikki

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar na kai iyali Yankari daga nan Gombe. Muna dawowa da yamma, wajen ƙarfe biyar da rabi, tsakanin Wikki da ƙofar Mainamaji, sai wata 'yar dabba ta tsallaka hanya ta tsaya a wani fili da aka ƙone, ciyawa ta fara toho. Na samu na ɗauke ta da waya ta tagar mota. Ga hoton nan. Ta ba mu baya, ta ɗan waiwayo. Ni na ce wa yara barewa ce, uwargida ta ce gada ce, tun a mota muke gardama har yau ba mu gama ba. Masana a raba mu.

Ɗanlami Direba: Ni da na ga an rubuta gada a hanyar Yankari na ɗauka ta Dindima ce ta sami matsala, har gabana ya faɗi, don gobe ina da lodin Bauchi. Ashe mai ƙafa huɗu ake nufi. Ku ci gaba.

Sadiƙ: Makwarna ce wannan. Ku dubi jan da ke jikinta. Gada ruwan toka ce, makwarna ce ja, kuma akwai ta a Yankari. Magana ta ƙare.

Hauwa: To ai ba ta da ƙaho. Ba 'yar wata babbar dabba ba ce kuwa? Kamar jaririyar gwambaza haka.

Malam Yakubu: Wa alaikumus salam. Baban Ilham, kafin a ce komai, ka sake turo hoton ta Document. WhatsApp yana matse hoto, ƙananan alamomin da muke nema su ne farkon abin da ke narkewa. In kuma kana da wani da ka ɗauka gaba ko bayan wannan, ko da ya yi dishi-dishi, haɗo da shi.

Sadiƙ, maganar ba ta ƙare ba tukuna. Gaskiyarka makwarna ja ce, amma dubi ƙasar da ke cikin hoton, dubi kututturen bishiyar da ke gefen dama. Su ma duk sun yi ja. Ƙarfe biyar da rabi ne, rana ta yi ƙasa, ga ƙurar hunturu, ko farar tunkiya ka ɗauka a lokacin sai ta fito ruwan goro. Shi ya sa ni launi nake ajiyewa ƙarshe. Abin da haske ba ya canzawa shi ne inda fari ya tsaya da inda baƙi ya fara, wannan nake fara dubawa.

Baban Ilham: Na turo, Malam. Akwai na biyu amma tana cikin tafiya, bari in nemo shi a wayar uwargida.

Malam Yakubu: Madalla, wannan ya fi fitowa. Tunda baya ta ba mu, mu fara da bayan.

Makwarna tana da wani faffaɗan ratsi mai duhu, toka-toka mai sirkin shuɗi, da ya kwanta a gadon bayanta tun daga wuya har gindin wutsiya, kamar an yafa mata tsumma. Jan yana gefe da gefe ne kawai. In ka gan ta ta baya, duhun nan za ka fara gani. Ƙafafunta daga gwiwa zuwa kofato su ma masu duhu ne, sai ka ce safa ta sa. Kuma gajeriya ce ƙwarai, tsayinta a kafaɗa bai cika kai santimita 40 ba, bayanta a gantsare sama kamar mai doro, kai a ƙasa. Yanzu ku zuƙo hoton. Gadon bayan wannan launinsa ɗaya da haƙarƙarinta, babu wani duhu. Ƙafafun dogaye ne sirara, launin jiki har ƙasa. Sannan a tsaye take tsakiyar fili fetal. Makwarna 'yar kurmi ce, a Yankari wajen duhuwar bakin kogin Gaji ake cin karo da ita, ba ta yarda ta yi nisa da inda za ta faɗa ta ɓuya.

Sadiƙ: To na janye makwarna. Amma in ba ita ba ce ai sai gada, Hajiya ta ci gardama.

Kawu Bala: Yaro, ka cika saurin yanke hukunci. Mahaifina maharbi ne, a ƙasar Alkaleri na tashi, na ɗauki gada a kafaɗa tun ban kai ka ba. Gada ba ta tsayawa haka ta miƙe wuya tana kallon mota. Ita da ta ji motsi sai ta sunkuyar da kai ta yi nutso cikin ciyawa, tana kwana-kwana, kafin ka ɗaga waya ta ɓace. Wannan mai dogon wuya ba gada ba ce.

Malam Yakubu: Kawu ya faɗi rabin abin da zan faɗa, kuma da idon da ya fi nawa. Sai dai hali ba ya isa hujja shi kaɗai, don na sha ganin gada ta daskare cik tana kallo in ta ɗauka ba a gan ta ba. Bari mu koma kan kuturin.

Ku dubi ƙarƙashin wutsiyar. Akwai fari tas da ya taso daga ciki, ya bi ta tsakanin cinyoyi ya hau har gindin wutsiya, kuma iyakarsa da jan jikin a yanke take kamar an ja layi. A tsakiyar farin nan ga 'yar guntuwar wutsiya mai duhu, kamar an ɗiga tawada a farar takarda. Gada ma wutsiyarta baƙa ce ta sama, fara ta ƙasa, wannan ne ke ruɗa mutane. Amma ita kuturinta launin jikinta ne, sai ta kaɗa wutsiyar kake ganin walƙiyar fari. Farin da ke cikinta kuma ba ya yankewa tsaf haka, a hankali yake shiga cikin tokar. Wannan fari mai iyaka da baƙin bindi a tsakiya, ga dogon wuya, ga kuturi ya ɗan fi kafaɗa tudu, ga ƙonannen fili mai sabon toho, duk batsiya suke nunawa. Ita ciyawa take ci, ɗanyen tohon bayan gobara kuwa shi ne abin da ta fi so. Gada ganye da 'ya'yan itace ta fi nema.

Baban Ilham: Malam, ni fa har yanzu barewata nake karewa. Ai barewa ma farin gindi gare ta da baƙar wutsiya. Na gani da idona a gidan wani mai kiwonsu a Kano.

Malam Yakubu: Haka ne, kuma ba ka yi nisa da gaskiya ba, ta baya suna ɗan kama. Abu biyu ne suka kayar da kai. Barewa tana da siririn baƙin layi a gefen ciki, daga bayan ƙafar gaba zuwa cinya, da ɗan ja a ƙarƙashinsa kafin farin ya fara. A hotonka ana ganin gefen hagu sosai, babu layin. Na biyu, barewa mace da namiji duk suna da ƙaho, na macen dai ya fi siranta. Wannan kanta fayau. Wutsiyar barewa ma ta fi wannan tsawo. Ƙari a kan haka, barewa tana cikin dabbobin da aka daɗe da rubuta cewa sun ƙare a Yankari, tare da raƙumin dawa da maraya da dari. Dajin da ya fi buɗewa can arewa ta fi so.

Hauwa: Malam ba a amsa tawa ba. Rashin ƙahon fa? Ta yaya aka san ba jaririya ba ce?

Malam Yakubu: Yi haƙuri 'yata, tambayarki ce ma ta fi muhimmanci, don a nan yawancin mutane ke faɗawa rami. Da an ga ƙaramar dabba ba ƙaho sai a ce 'ya ce. A batsiya namiji ne kaɗai ke da ƙaho. A gada ma haka, sai jefi-jefi ake samun macen da ta fito da ɗan guntu. Mazo ma haka. Wato kusan rabin waɗanda za ki ɗauka a hoto ba za ki ga ƙaho a kansu ba, alhali manya ne har da masu ciki. Jaririya ana gane ta da girman kai da kunne a kan ƙaramin jiki, gajeren baki, gashi bizi-bizi, gwiwoyi kumbura-kumbura. 'Yar gwambaza musamman gashinta buzu-buzu ne. Wannan jikinta sumul, komai ya daidaita. Babbar mace ce.

Ko da ma namijin ne, ƙahon ba zai raba gardamar nan da sauƙi ba. Na gada da na batsiya duka miƙaƙƙu ne kamar tsinke, duka suna da gaɓa-gaɓa a gindi, tsawonsu kuma yana shiga na juna, daga wajen santimita 8 zuwa 18, wato kusan tsawon kunnen dabbar. A hoton waya daga nesa ba za ki bambance su ba. Abin da za ki duba shi ne tsakanin ƙahonin. Gada tana da tukku, wani tsinin gashi a tsakiyar ka, mace da namiji. Batsiya ba ta da shi. In hoton ya fito da kyau kuma, na batsiya ya fi siranta, a tsaye yake cak, bakinsa ya ɗan karkato gaba. Na makwarna kuwa gajere ne, kwance yake baya bisa layin goshi, sau da yawa tukkun ya rufe shi gaba ɗaya har ki rantse babu.

Baban Ilham: Ga na biyun. Ta juya gefe tana shirin gudu, ƙafafun sun ɗan yi hazo amma kan ya fito.

Sadiƙ: Akwai wani baƙin ɗigo a ƙarƙashin kunnenta. Kaska ce ko ciwo?

Malam Yakubu: Sadiƙ, yau ka biya bashin makwarna, idonka ya kama abin da ake nema. Ba kaska ba ce. Fata ce tsirara ba gashi, baƙa, zagayayya kamar kwabo, halittarta ce, kuma kowane gefe akwai. Gada ba ta da wannan. Dubi fuskar kuma. Gada tana da baƙin zane da ya taso daga hanci ya hau karan fuska zuwa goshi, ga wani baƙin tsagi a gaban ido kamar ta zizara kwalli ya zarce. Wannan karan hancinta ba baƙin zane, sai farin gashi a saman ido kamar gira, maƙogwaro fari, kai ba tukku. Ni a wurina batsiya ce, mace.

Kawu Bala: Malam, a nan zan rabu da kai. Baƙin tabon ƙarƙashin kunnen nan kwanta-rafi ma yana da shi. Na fiɗe shi da hannuna, na san abin da nake faɗa. Macen kwanta-rafi ba ta da ƙaho, ja-ja ce, cikinta fari. Me zai hana wannan ta zama budurwar kwanta-rafi da ba ta gama girma ba?

Malam Yakubu: Kawu, wallahi tambayar da nake tsoro ke nan, don gaskiya ka faɗa, su biyun duk suna da tabon, kuma duk suna yin fito in sun tsorata. Da namiji ne da ba mu wahala ba, ƙahon kwanta-rafi kauri gare shi kuma ya lanƙwaso gaba kamar ƙugiya. Da mace sai an koma wutsiya. Ta kwanta-rafi buzu-buzu ce, ta fi tsawo, samanta launin jiki, ƙasanta fari, in yana gudu yakan ɗaga ta ka ga farin kamar auduga. Ta hoton farko guntuwa ce kuma samanta ya fi jiki duhu sosai. Gashin kwanta-rafi a wuya yana da kauri, kamar bai sha shafa ba, wannan kuwa luf yake. Girma ma akwai rata. Batsiya ba ta cika wuce kilo 20 da ɗan kai ba, babbar macen kwanta-rafi ta ninka haka. Sannan shi ma yana cikin waɗanda aka rubuta sun ƙare a Yankari.

Kawu Bala: Girma ba a gane shi a hoton nan, babu abin da za a gwada ta da shi, ciyawar ma a ƙone take. Maganar wutsiya na karɓa rabi, don inuwa ma tana sa abu ya yi duhu, kai da kanka ka ce haske na yaudara. Batun an rubuta ya ƙare kuwa, mai rubutun ba ya kwana a fadama. Dajin nan ya fi murabba'in kilomita 2,000, wa ya leƙa kowane kwari? Ban ce lallai shi ne ba. Na ce kada a rufe ƙofa.

Malam Yakubu: Ban rufe ba, Kawu. In kashi goma ne na ba batsiya tara. Inuwa da za ta baƙanta wutsiya ita kaɗai ta bar farin da ke kewaye da ita yana haske, da wuya. Baban Ilham, nawa kuka gani, kuma akwai ruwa kusa?

Baban Ilham: Biyu ne, ɗayar ta riga ta shige ban same ta ba. Ruwa dai ban gani ba, tudu ne. Abin da yara suka yi ta dariya shi ne gudunta, tana cikin tafiya sai ta daka tsalle sama da ƙafafu a sandare, ta sauko ta ci gaba.

Malam Yakubu: Tudu, ƙonannen fili, biyu tare, da wannan tsallen. Duk halin batsiya ne. Gada yawanci ita kaɗai take yawo.

Kawu Bala: Kwanta-rafi ma yana tsalle. Amma tudun ya rage mini ƙarfi, na yarda.

Maman Sultan: Tunda masana sun hallara bari in kawo tawa. Muna da gonar rani a Dadin Kowa, wake da kuɓewa. Wani abu yana shiga da dare yana cinye kan waken. Maigadi ya dage awakin maƙwabta ne, har na aika a yi musu magana, aka yi ɗan ba-daɗi. Ƙanina ya ɗaura mana irin kyamarar nan mai ɗauka da kanta in abu ya gifta. Ga abin da ta kama ƙarfe biyun dare. Hoton ba launi, fari da baƙi ne, idon kamar tocila. Kuma kamar ƙaho uku nake gani, abin har ya ba ni tsoro.

Ɗanlami Direba: Hajiya, ƙaho uku ƙarfe biyun dare? A nemo malamai, wannan ba aikin masu hoto ba ne.

Malam Yakubu: Hajiya, kwantar da hankalinki, ki kuma aika a ba maƙwabta haƙuri. Na tsakiyan ba ƙaho ba ne, tukkun da nake faɗa wa Hauwa ne. Namijin gada ne wannan, kuma hoton ya fi na Baban Ilham sauƙi duk da babu launi, don alamomin gada duk na fari da baƙi ne. Ga ƙahoni biyu miƙaƙƙu kusa da juna, ga tukku a tsakani, ga baƙin zanen ya bi karan hanci, ga duhu a gaban ƙafafun gaba. Akuya ƙahonta lanƙwasa yake yi baya, wutsiyarta kuma a ɗage take sama kusan kullum. Dubi ta wannan, a kwance take. Tsayinsa ma ki gwada da turakun shingen da ke bayansa, zai yi kamar rabin mita a kafaɗa, daidai gada ke nan.

Kuma ba abin mamaki ba ne a same ta a nan. Cikin ƙananan nan duka gada ce ta fi iya zama kusa da mutane. Ɗan ƙungurmin saura ko kwazazzabo ya ishe ta ɓuya da rana, da dare ta fito gona.

Maman Sultan: Ikon Allah. Maigadi zai ji kunya gobe. To ya zan yi da ita?

Kawu Bala: A duba ƙasan shingen, ba samansa ba. Ta ƙasa take kutsawa, kuma hanya ɗaya take bi kullum. Za a ga sawu ƙanana masu tsini da 'yar kashinta tsibi guda. A toshe wurin da ƙaya.

Sadiƙ: Malam, wani abokina ya turo mini hoto daga gandun namun daji na Sumu, wata mai baƙaƙen layuka uku a gindi, biyu a cinyoyi ɗaya a wutsiya. A ina za a sa ta cikin waɗannan?

Malam Yakubu: Ba ta cikinsu. Imfala ce, baƙuwa ce, cikin dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006. Ba dabbar dajinmu ba ce, kuma ta fi waɗannan girma nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake fara tambayar inda aka ɗauki hoto, don na Sumu lissafinsa daban ne.

Hauwa: Ni abin da ya rage mini shi ne mazo. Macen ai ita ma ja ce ba ƙaho.

Malam Yakubu: Mazon ƙasar nan ba ya ɓuya. Fararen layuka ne a jikinsa, na tsaye da na kwance, ga ɗige-ɗige a cinya kamar an yayyafa masa nono. Ko ta baya kika same shi ɗigon cinyar zai tona shi.

Baban Ilham, in ka sake komawa kuma Allah ya haɗa ku, kada ka ɓata lokaci kana zuƙowa don neman ƙaho, zuƙowar waya tana dama hoto ne kawai. Ka danna sau da yawa a jere, ka samu ɗaya ta baya, ɗaya ta gefen kai, kuma ka bar wani abu cikin hoton da za a gwada tsayi da shi, ko suri ko kututture. Da akwai suri a gefen wannan da ni da Kawu mun daina jayayya.

Kawu Bala: Da ɗayar da ta shige ka samu ma ya fi. In namiji ne, ƙahon ya raba ni da Malam.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai. Na karanta wa uwargida duka. Ta ce ita dai ba ta faɗi ba tunda ni ma ban ci ba, wai kuma gada ta fi kusa da batsiya a kan barewa. Malam, haka ne?

Malam Yakubu: Ka rufa wa kanka asiri ka bar maganar nan haka. In dai a girman jiki da irin ƙaho ne, ta fi ka kusa.

Kawu Bala: Turo mini hoton farkon ta Document ni ma, zan kai wa yayana ya duba wutsiyar nan. Idonsa ya yi rauni amma ya fi ni sanin kwanta-rafi.